Ɗakin da Ba a Fesa Ba

Ni dai ban taɓa ganin mutane masu taurin kai irin na gidanmu ba, kuma na koyar da 'yan aji ɗaya shekara da shekaru, don haka na san abin da nake faɗi.

Sunana Hajo, ana ce mini Malama. Gidan Bahago nake aure, a Ƙofar Jatau, tsohon gidan ƙasa wanda kakan mijina ya gina, 'ya'ya da jikoki suka yi ta yankar sassa a cikinsa har ya zama bangon wannan shi ne bangon wancan. Maigidana Malam Yari yana aikin ƙaramar hukuma a Saminaka, sai ƙarshen wata muke ganinsa. Babba a gidan shi ne wansa, Malam Shehu, mai karantar da littattafai a zaure. Ba mu rasa komai ba a gidan nan, har da kuɗin cizo.

Kuɗin cizon nan ya fi wasu 'yan gidan daɗewa a cikinsa. Ba wai ba a yaƙarsa ba ne. Ana yi, kowa ranar da ya ga dama. Yau Safiyatu, matar ƙanin mijina Dogara, ta sayo magani a kasuwa ta yayyafa a ɗakinta, jibi sai ka ji Goggo Ramatu da ke makwabtaka da ita tana susa tana salati. Goggo ta sa a fesa mata, su dawo wurina. Ni in fesa, su haura wurin Safiyatu, wadda ƙarfin maganinta ya riga ya tafi. Haka muka yi ta miƙa wa juna su kamar kwanon tuwo, kuma kowace mace a gidan za ta iya rantsuwa daga ɗakin wata suke zuwa.

Da na ci gaba da haƙuri, ba don yarinyar nan ba. Sakinatu ke nan, 'yata ta fari. Na faɗi sunanta sau ɗaya don ku san wadda nake nufi, ba zan ƙara ba. Tana aure a Tudun Jukun, tana da cikin fari, kuma kowa ya san haihuwar fari a gaban uwa ake yinta, ko a kawo mai jego gida wanka. Ban taɓa nuna mata a fuska ba, amma Allah ya sani ba abin da nake so a duniya kamar in dafa mata ruwan wankan nan da hannuna, in dama mata kunun kanwa, in ɗauki jikana kafin kowa.

Sai dai akwai uwar mijinta, Hajiya Asma'u, mace mai tsabta har ta ɓaci. Ta zo mana gaisuwa wata rana, muka shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida. Bayan kwana biyu yarinyar nan ta zo, tana ta kame-kame, ta ce wai Hajiya ta ga wani abu a gefen mayafinta da ta koma.

"Wane abu?" na ce.

"Irin mai warin nan, Inna. Ta ce in dai da shi a gidan, ba za a kawo jikanta nan a yi ta cizonsa ba. Ta ce ita ma ta iya wankan jego."

"Ki gaya mata babu shi a gidanmu," na ce. "A mota ta kwaso."

Na faɗi haka ina jin ƙaiƙayi a bayan wuyana.

Washegari na tafi ofishin duba-gari, na sami wani Mika'ilu, na kwashe komai na gaya masa. Ya ce za su zo da famfon feshi in gida ya haɗa kuɗin magani, amma da sharaɗi: ko a fesa gidan duka a rana ɗaya, ko kada ya ɓata takalminsa. Na dawo na durƙusa a gaban Malam Shehu ta ƙofar cikin zaure. Ya ce maganata gaskiya ce, tsabta ma ai addini ce, in rubuta sanarwa da boko, shi zai juya ta da ajami ya sa hannu. Ga abin da na rubuta, har yau ina iya karanta shi da ka:

"Sanarwa ga dukan mutanen Gidan Bahago. Ranar Asabar mai zuwa da hantsi za a yi feshin kuɗin cizo a kowane sashe da kowane ɗaki, har da zaure. Dalilin da ya sa dole a yi tare shi ne: ƙwaron nan ba ya zama a gado kawai. Yana ɓuya a tsagar bango, da cikin azara, da saƙar tabarma, da ɗinkin katifa. In aka fesa ɗaki ɗaya, wanda bai mutu ba zai bi tsaga ya koma ɗakin makwabci, in ƙarfin magani ya tafi ya dawo. Ɗaki ɗaya in aka bari, an bar wa gida duka iri. Kuma magani ba ya kashe ƙwansa, don haka za a sake feshi bayan mako biyu, lokacin da ya ƙyanƙyashe. A fitar da abinci da randar ruwa da kwanuka. A fitar da yara da kaji. A zuba tafasasshen ruwa a gaɓoɓin gado, a wanke tufafi da zannuwan gado da ruwan zafi, a shanya katifa a rana. A rufe ɗaki bayan feshi har la'asar, sannan a buɗe ya sha iska kafin a shiga. Kada kowa ya kai kayansa sashen wani."

Muka manna ɗaya a zaure don maza, ɗaya a bangon rijiya don mata, ni kuma na bi sashe sashe ina karanta wa waɗanda ba su karatu.

Kai! Ranar na ji surutu. Safiyatu ta ce ita bara ta fesa nata, me ya sa za a haɗa ta da masu ƙazanta. Goggo Ramatu, ƙanwar mahaifin mijina, wadda ta haura tamanin, ta ce ita jininta ɗaci ne da shi, ba su cizonta, tana faɗi tana susar ƙugu. Wata ta ce Asabar tana da awon dawa, wata ta ce a bari sai bayan salla. Dogara ya ce shi warin magani yana tayar masa da tari, a fara da sashen wasu, in ya ga yadda suka ƙare ya biyo baya.

"Haba Dogara," na ce, "ai wannan biyo bayan shi ne ya kawo mu inda muke."

Sai da Malam Shehu ya tara su bayan sallar azahar ya ce duk wanda ya ƙi, ya ƙi maganarsa ne, sannan aka yi shiru. A gidanmu ba a ƙin maganar Malam a fili.

Akwai ɗaki ɗaya da na cire daga lissafi, kuma Mika'ilu ya duba ya yarda. A bakin sashena yake, shi kaɗai a tsaye, bangonsa bai haɗu da na kowa ba. Ba a gama shi ba sai a watan nan: an yi masa daɓen siminti, an shafe bango sumul, an yi farar ƙasa. Na sa sabon gadon ƙarfe da sabuwar katifa daga shago kai tsaye, babu wanda ya taɓa kwana a ciki. Ɗakin jego ne. Ban so jariri ya zo ya tarar da warin magani, kuma babu abin da za a kashe a ciki. Na gaya wa kowa cewa wannan ba za a fesa ba, don kada a ce na yi son kai a ɓoye. Na rufe ƙofar da sakata, ban sa kwado ba. Wa zan kulle wa, a gidan da kowa ɗan'uwan kowa ne?

Asabar ta zo, kuma wallahi sai da na ji alfahari da mutanen gidanmu. Tun da sassafe tsakar gida ya cika da gadaje da katifu. Tukwane a kan murhu, ruwa yana tafasa. Ni ina can bayan gida wajen rijiya, ina bin gadaje da buta ina zuba ruwan zafi a kusurwoyi, ƙwari suna fitowa suna mutuwa, mata suna ihu suna tsalle, kowace tana cewa ba gadonta ba ne. An kwashe yara an kai makwabta, an rufe kaji a akurki a bayan gida. Mika'ilu da abokin aikinsa suka ɗaure hanci da baki, suka bi ɗaki ɗaki, tsaga tsaga, har ƙarƙashin tabarmin zaure. Babu wanda ya kulle ƙofa, babu wanda ya yi tafiyar ƙarya. Goggo ma da kanta ta fito da sandarta ta zauna a inuwar ɗurumi tana ja musu Allah ya isa a hankali.

Bayan mako biyu aka sake, lafiya lau. Dogara ya cike tsagogin bango da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Gida ya yi shiru, babu susa. Na aika wa Hajiya Asma'u cewa muna gaishe ta, kuma an gyara ɗaki, in ta sami sarari ta zo ta sa albarka. Ta gane, na gane.

Ta zo wata Laraba da la'asar sakaliya, cikin farin mayafi. Ni na tabbata da gangan ta sa fari. Muka gaisa, na kai ta ɗakin. Ta dubi bango, ta dubi sama, ta shafa daɓe da tafin ƙafa.

"Masha Allahu, Malama, kin yi ƙoƙari."

"Ƙoƙarin me, Hajiya, ai yi wa kai ne. Bismilla, zauna."

Ta zauna a bakin gado, ni a ƙasa. Na kawo fura, muka shiga hira, tsadar kanwa, wahalar itace, wace ungozoma ce mai hannu. Har ta fara cewa "in an kawo ta" maimakon "in da za a kawo ta". Zuciyata fari fat. Muna cikin haka na ga ta sunkuyar da kai tana kallon gwiwarta.

Kuɗin cizo ne, yana tafiya a kan farin mayafin nan, a hankali, ba ya ko sauri. Siriri, ya shafe kamar ɓawon riɗi don yunwa. Ɗakin da ba mai kwana, sun daɗe ba su sami jini ba, da suka ji ɗumin mutum ba su jira dare ba. Na biyu ya fito daga ɗinkin katifa ya biyo shi.

Hajiya ba ta yi ihu ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi. Ta sa yatsu biyu ta murƙushe shi, ta kai hanci, ta goge a ƙasa. Ta miƙe, ta kaɗe mayafi, ta sunkuya za ta sa takalmi, sai ta tsaya tana leƙen ƙarƙashin gado.

"Malama, kin manta da buzu a nan."

Na jawo shi. Buzun rago ne, fari, wajen goshi ya goge don sujada. Duk wanda ya taɓa wucewa ta zaurenmu ya san shi. Na buɗa gashin da yatsa, ga ƙwarin nan cike, na rufe.

"To," in ji Hajiya. "Ki huta da ɗawainiya. Yarinya za ta haihu a wurina, zan yi mata wanka. Ba faɗa ba ne, jariri ne ba shi da bakin cewa ana cizonsa."

Na raka ta har ƙofa, na yi mata Allah ya kiyaye hanya. Sannan na ɗauki buzun nan na nufi zaure. Ban taɓa yi wa Malam Shehu magana a tsaye ba sai ranar.

"Yaya Malam, wannan na wane ne?"

"A'a! Alhamdu lillahi, ina ta nemansa. A ina kika gan shi?"

"A ɗakin jego."

"To, to, to. Ranar feshi na biyu ne na sa a ajiye mini shi can, sai na manta. Kin san abin salla ne, Hajo, ba a so ya ɗauki wari, goshi ake ɗorawa. Na farko ma can ya wuni, aka dawo mini da shi da magariba."

"Yaya Malam, kai ka sa hannu a takardar nan. Kai ka juya ta da ajami. Kada kowa ya kai kayansa sashen wani."

"Ai ba sashen wani ba ne," ya ce, yana mamakin fushina. "Ɗaki ne da ba kowa. Kuma ajiya ce ta wuni ɗaya."

Na shiga cikin gida ina huci. Mata suna tsakar gida, sun riga sun ga fitar Hajiya. Na ce duk wadda ta san ta taka ɗakin nan ranar feshi ta faɗa, ko in haɗa ta da Allah. Aka dubi juna.

Safiyatu ce ta fara. "Ni dai matasan kai biyu ne kawai na aurena, masu aikin hannu. Magani yana ɓata launi, Yaya Hajo, ke ma kin sani."

Wata ta ce bargon maigidanta ne, wata ta ce tabarmar baƙi ce, sabuwa ce ma. Dogara, mai tari, ashe katifarsa sukutum ya naɗe ya jingina da sabon gadona. Duk suna faɗi babu ko kunya a ido, wai ai da yamma kowa ya ɗauke abinsa, ba a bar mini tarkace ba. Ina can bayan gida ina ƙona yatsuna da ruwan zafi, su suna nan suna layi a ƙofar ɗakina. Kowa ya shiga ya tarar da kayan wani, sai ya ƙara samun natsuwa.

"Goggo, har da ke?" na ce.

"Adudu na ne," in ji ta. "Likkafanina yana ciki. So kike a binne ni ina warin guba?"

"Goggo, adudun nan shi ne babban gidansu!"

"To ai shi ya sa ban so a dame shi."

Inna lillahi. Na zauna a kan turmi. Na ce musu, kun san abin da kuka yi? Kun zaɓi kayan da kuka fi so, waɗanda kuke kwana a kai, kun ɓoye su daga magani, kun zuba mini iri a ɗakin jikana, da yamma kuka kwashe sauran kuka mayar ɗakunanku. Sau biyu! Safiyatu ta ce ita fa ba ta ga laifin ajiya ba, tun da aka kawo ta gidan nan ake ajiya a ɗakin juna, ko ranar da aka yi gyaran rufin gida haka aka yi. Abin haushin, gaskiya ta faɗa. A gidanmu ba a hana ajiya, ba a ma tambaya.

Na shiga ɗaki na yi kuka, kuka sosai, na baƙin ciki da takaici. Kafin wata ya ƙare an koma susa.

Yarinyar nan ta haihu a Tudun Jukun, namiji. Hajiya Asma'u ce ta yi masa wankan farko. Ni na je barka kamar baƙuwa, da kayan da na wanke da ruwan zafi na goge da dutsen guga, na zauna a kan kujerar ƙarfe, aka miƙo mini shi na ɗan lokaci aka karɓe. Yarinyar nan ta dube ni, na kawar da kai.

Ranar suna na riga kowa zuwa don in taya aiki. Rana ta ɗaga, mata sun fara cika gida, Hajiya tana cewa wurin zama zai yi kaɗan, sai na ji ƙarar a-kori-kura a ƙofa da guɗar Safiyatu. Na leƙa. Ga mutanen Gidan Bahago, kaf, babu wanda ya makara, babu mai awon dawa, babu mai tari. Abin da takardata da ajamin Malam suka sha wuya kafin su haɗa, suna ya haɗa shi a sa'a guda. Kuma sun zo da gudummawa yadda aka saba in dangi na taro: tabarmi, naɗi naɗi, an tattaro daga kowane sashe, Dogara yana sauke su daga bayan mota. Har da matasan kai biyu masu aikin hannu, don mai jego ta jingina.

Hajiya Asma'u ta zo ta tsaya a bayana. Ba za ta iya cewa komai ba. Surukai ne, da alheri suka zo, ga jama'a cike da ƙofa. Ni kuma na taɓa aika mata cewa babu shi a gidanmu, a mota ta kwaso. In na yi shiru, tabarmin nan za su shiga, a shimfiɗa su har ƙofar ɗakin da yaron yake kwance, kuma bayan wata guda ba mai iya cewa daga ina.

Na tare ƙofar da hannuna biyu.

"Dogara, mayar da su mota."

"Yaya Hajo, lafiya? Gudummawa ce."

"Mayar da su. Ko ɗaya ba za ta shiga ba."

"Saboda me?" in ji Safiyatu, tana rungume da matasanta.

Duk matan Tudun Jukun sun juyo suna kallo, har mai kiɗan ƙwarya ta tsaya. Na ɗaga murya yadda nake yi a aji.

"Saboda akwai kuɗin cizo a cikinsu. Gidanmu cike yake da shi, kowane ɗaki, har nawa."

Goggo Ramatu ta ce na tona musu asiri a gaban surukai, Allah ya gani. Safiyatu ta fashe da kuka. Dogara ya mayar da tabarmi yana ƙunƙuni. Mutanen gidanmu suka shiga hannu wofi, suka zauna a kan siminti, kuma sai da aka yi wata biyu kafin wasu su amsa gaisuwata.

Ina tsaye a wurin, kunya ta hana ni juyawa, sai na ji an taɓa kafaɗata. Hajiya Asma'u ce. Ba ta dube ni ba, tana kallon wajen murhu.

"Malama, ruwan wankan yamma ya kusa tafasa, ni kuma ga baƙi," ta ce. "Ganyen darbejiya yana cikin kwando. Ki shiga, 'yarki tana jira."